Suna Ɗaya ga Abu Ɗaya: Yadda Ake Tsara Jadawalin Kalmomi Kafin Fassara Littafin Inji

Jadawalin keɓaɓɓun kalmomi shi ne jerin sunayen da mai fassara ke tsayarwa kafin ya taɓa shafin farko na littafi mai tsawo, musamman irin littafin da ke zuwa tare da inji don koya wa mutum yadda zai tayar da shi, ya kula da shi, ya kuma gyara shi. Kowane layi na jadawalin yana ɗauke da abu guda, da sunansa a harshen da aka rubuta littafin, da sunan da aka yanke za a kira shi da Hausa tun daga bango har bango. Ba ƙamus ba ne. Ƙamus yana tara duk ma'anonin da kalma za ta iya ɗauka ya bar wa mai karatu zaɓi, shi kuwa jadawali yanke zaɓin yake yi, ya ce a cikin wannan littafi ga sunan wannan abu, kuma babu wani abin da zai sake amsa wannan suna.

Dalilin wannan tsauri yana cikin yadda ake karanta irin waɗannan littattafai. Ba wanda ke zama ya karance littafin janareto kamar labari. Mai kula da inji yakan buɗe shi ne ranar da abu ya lalace, hannunsa da maiƙo, ya duba shafi na 40, a tura shi shafi na 212, daga can ya koma kan hoton da ke ƙarshen littafi. Idan abin da shafi na 40 ya kira filta ya zama matata a shafi na 212, ya kuma koma rariya a ƙarƙashin hoto, mutumin zai ɗauka abubuwa uku ne, ya shiga neman biyun da babu su. A nan ne ɗabi'ar marubuci mai kyau ke juyewa ta zama illa. Wanda ya ƙware da Hausa ya saba gudun maimaici, ya saba canza kalma don zance ya yi daɗi, kuma a waƙa ko a labari hakan ado ne. A littafin inji kuwa, mai karatu yana ɗaukar sauyin suna a matsayin sauyin abu.

A ɗauki misalin littafin babban janareto mai aiki da man dizal, irin wanda ake girkawa a asibiti ko a injin niƙa, littafi mai shafi 300 da aka rubuta da Turanci, aka raba wa masu fassara uku don a gama da wuri. Ɗaya ya ɗauki babin girkawa da haɗa wayoyi, ɗaya babin kula da inji, na uku babin gano matsala da jerin kayan gyara. Duka ukun sun iya Hausa, sun iya Turanci. Amma idan kowa ya kama nasa ba tare da sun zauna kan sunaye ba, abin da zai fito littattafai uku ne a cikin bango ɗaya.

Matakin farko shi ne tsinto kalmomin, kuma ba a farawa da shafi na ɗaya. Wuraren da sunaye suka fi taruwa su ne ƙunshiya, da rubutun da ke ƙarƙashin hotuna, da jerin kayan gyara, da teburin lokutan yi wa inji sabis, da gargaɗin da ke farkon littafi. Wanda ya bi waɗannan wurare biyar da alƙalami zai kama mafi yawan sunayen da littafin ke juyawa a kansu kafin ma ya karanta cikinsa. Bayan haka sai a karance littafin gaba ɗaya sau ɗaya, ba don fassara ba, don ganin yadda marubucin ke amfani da kalmominsa. Idan littafin yana cikin kwamfuta, ana iya sa ta ƙirga kalmomin da suka fi yawan fitowa, kuma hakan yana taimakawa, sai dai yawan fitowa ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Akwai kalmar da sau biyu kawai za ta bayyana a littafi, amma kuskure a kanta ya ƙona inji. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne tambaya guda: idan masu fassara biyu suka ba wannan kalma suna daban-daban, mai karatu zai ruɗe ko ya cutu? In amsar i ce, ta shiga jadawali. In a'a ce, a bar ta. Jadawalin da aka cusa wa kowace kalma har ya kai layi dubbai ba wanda zai iya riƙe shi a ka, kuma wanda ba a riƙe ba ba a bin sa. Ga littafi irin wannan, 'yan ɗaruruwan layuka sun wadatar.

Mataki na biyu shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar aikin: a gane mene ne abin, kafin a nemi sunansa. Jadawali na gari ana gina shi ne bisa abubuwa, ba bisa kalmomi ba, domin kalma da abu ba sa tafiya ɗaya bisa ɗaya a kowane harshe. Turanci yana da kalma guda da ya ba abubuwa huɗu a duniyar inji, wadda daga gare ta Hausa ta ari fulogi. Akwai fulogin da ke ba da tartsatsi a injin fetur. Akwai ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin injin dizal kafin ya tashi, wanda makanikai ke kira hita. Akwai notin da ke toshe ramin da ake tsiyaye baƙin mai ta ƙarƙashin inji. Akwai kuma kan waya da ake sokawa a soket. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi sam, matsin iska ne ke kunna mansa. Don haka mai fassarar da ya ga kalmar ya rubuta fulogi a littafin janareton dizal ya aika mai karatu neman abin da injinsa bai taɓa mallaka ba. A jadawali, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da layinsa da sunansa, ko da Turanci ya haɗa su a kalma ɗaya.

Haka abin yake ta ɓangaren Hausa, kuma nan ya fi haɗari, saboda kunnen Bahaushe ba ya jin ruɗanin da ke cikin kalmar da ya saba da ita. Babu misalin da ya kai kalmar mai. Da ita ake kiran abin da inji ke sha ya ƙone, da ita ake kiran abin da ke sa ƙarafan cikinsa su yi santsi, da ita ake kiran na giya da na birki, wani ma har giris yakan kira mai. A baki ba matsala, domin mai magana yana nuna jarkar da hannu. A takarda kuwa, jumlar da ta ce a duba mai kafin a tayar da inji tana iya sa mutum ya leƙa tanki, ya ga dizal cike, ya murza makulli, alhali umarnin na baƙin mai ne, kuma injin da ya juya babu baƙin mai ba ya daɗewa kafin ƙarafansa su cije. Filtar mai ma haka take: janareton yana da filta ta man da yake sha, yana da ta baƙin mai, wurarensu daban, lokacin canza su ma yana iya bambanta. Hukuncin da ya dace a nan shi ne a hana kalmar mai tsayawa ita kaɗai a ko'ina cikin littafin. Kullum sai ta zo da rakiyarta: man dizal, baƙin mai, man giya, giris kuma ya tsaya da sunansa.

Sai kuma kalmar gas, wadda ke da tarko ta fuska biyu. A gidajen mai na Arewacin Nijeriya, in mutum ya ce a zuba masa gas, dizal yake nufi. A cikin gida kuwa gas shi ne na tukunyar girki. A Turancin Amurka, wannan kalma ɗin dai fetur take nufi. Littafin da aka rubuta don kasuwar Amurka yana iya yin gargaɗi cewa kada a zuba wa injin nan wannan abu, yana nufin fetur, mai fassara ya kwafo kalmar yadda take, sai Hausar ta fito tana hana zuba wa injin dizal dizal. In aka juya misalin ya fi muni: ƙaramin janareton fetur da littafinsa ya ce a cika tanki da ita, Bahaushe ya karanta ya sayo dizal. Fetur a injin dizal ba ƙaramar ɓarna yake yi ba, domin dizal ne da kansa ke sa famfon man da nozul-nozul su yi santsi, fetur kuwa wanke wannan santsi yake yi. Saboda haka jadawalin ya tsayar da man dizal, ya rubuta a gefensa cewa an hana gas, sai dai a wuri ɗaya tak a farkon littafi inda za a gaya wa mai karatu cewa man dizal shi ne wanda ake kira gas a gidan mai.

Ruwan batir ma yana cikin wannan sahu. A bakin mutane da yawa, ruwan batir shi ne ruwan nan mai cin fata da tufafi. Amma idan ruwan cikin batir ya yi ƙasa, abin da littafi ke cewa a ƙara shi ne tataccen ruwa wanda babu gishiri ko ma'adini a cikinsa, domin ruwan ne ke ƙafewa, ba asid ɗin ba. Fassarar da ta ce a ƙara ruwan batir ta bar ƙofa biyu a buɗe. Jadawali zai raba su: asid na batir a layi ɗaya, tataccen ruwa a wani.

Ɓangaren lantarki kuma kalmar wuta ce ke riƙe da shi. Wuta ce ke ci a murhu, wuta ce ke bin waya, wuta ce ke haske a allon inji. Jumlar da ta ce in wuta ta kama a kashe inji tana iya nufin gobara, tana iya nufin ɗan ƙwan gargaɗi ya haska. Sai a tsayar da gobara ga ta farko, lantarki ga ta biyu, fitilar gargaɗi ga ta uku. Ƙarfin wuta kuma, wanda mutane ke faɗa ga kowane awo na lantarki, ba zai iya ɗaukar abubuwa uku da ake aunawa da ma'auni uku ba. A nan hanya mafi aminci ita ce a bar alamomin awo yadda suke a jikin inji, V da A da kW da kVA, a bayyana kowanne sau ɗaya da Hausa mai sauƙi, sannan a riƙa kiransa da alamarsa. Bambancin biyun ƙarshe kuɗi ne a aljihun mai inji: janareton da aka rubuta wa 20 kVA, bisa lissafin da aka saba yi na ninkawa da 0.8, abin da zai iya ɗauka 16 kW ne. Mai fassarar da ya kira su duka ƙarfin inji ya ba mai karatu izinin ɗora wa injin kayan da suka fi ƙarfinsa.

Bayan an gane abu, sai neman sunansa na Hausa, kuma a ina ake nema? Ƙamusoshi suna da amfaninsu. Na Bargery da ya fito a 1934, da na Abraham na 1949, da na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, duk suna taimakawa wajen tabbatar da ma'anar tsohuwar kalma da jinsinta da yadda ake rubuta ta. Amma sunan ɗan ƙarfen da ke cikin famfon man dizal ba a kan teburin karatu yake ba, yana bakin wanda ke kwance shi kullum. Mai fassara ya ɗauki hotunan littafin ya tafi garejin masu gyaran janareto, ya ɗora yatsa kan hoto ya tambayi sunan abin. Kada ya furta kalmar Turancin, domin in ya furta, ita za a maimaita masa don a faranta masa. Kuma kada ya tsaya kan mutum ɗaya. A can zai ji lagireto, salansa, fanbel, boris, bawul, totur, sufana, kalmomin da suka shigo daga Turanci tun da daɗewa, harshe ya lanƙwasa su har suka zama na gida.

A nan masu fassara kan rabu biyu. Wasu suna ganin aron kalma kasawa ce, sai su ƙirƙiro suna daga tsantsar Hausa, su kira lagireto masanyayar inji, su kira boris abin sauƙaƙa juyi. Niyyar mai kyau ce, kuma a littafin makaranta tana da wurinta. Amma littafin inji yana da gwaji guda da ba ya ƙarya: mai karatu zai ɗauki sunan ya je kasuwar kayan gyara ya faɗa, a miƙo masa abin? Wanda ya je ya nemi masanyayar inji zai dawo hannu rabbana. Don haka inda makanikai ke da suna tabbatacce, shi ake ɗauka. Inda ba su da shi, ko kuma sunan nasu ya haɗa abubuwa biyu da littafi ya raba, sai a gina suna da Hausa mai bayyana aikin abin, gajere yadda zai shiga ƙarƙashin hoto, a gwada shi a kunnen masu sana'ar kafin a tsayar.

Dole kuma a san su wa ake rubuta wa. Hausar gareji a Kano ta sha daga Turanci, ta Maraɗi da Damagaram ta sha daga Faransanci, shi ya sa abin da ake kira fulogi a nan buji ne a can. Littafin da zai ƙetare iyaka yana bukatar a zaɓi suna ɗaya a yi ta amfani da shi, sannan a ƙara ɗan teburi a ƙarshe da ke nuna takwaransa na ɗaya ɓangaren. Cakuɗa su a cikin jumloli ba ya gamsar da kowa. Rubutu ma ya bambanta, domin Nijar tana rubuta ƴ mai ƙugiya inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma wannan ma hukunci ne da ake yankewa tun farko.

Kowane layi na jadawali yana bukatar fiye da suna. Yana bukatar taƙaitaccen bayanin abin, da shafin da hotonsa yake, da sunayen da aka hana, da kuma abubuwa uku da Hausa ke bukata musamman: yadda ake rubuta kalmar, jinsinta, da jam'inta. Kalmomin aro ba su da tsayayyen rubutu a hannun jama'a. Janareto, janareta, jannareto, duk ana gani, kuma masu fassara uku za su iya kawo uku. Jinsi ma haka: in ba a tsayar ba, filta za ta toshe a babi na huɗu, ya toshe a babi na bakwai. Manhajojin fassara suna karɓar jadawali a sigar da ba ta da wuya. OmegaT, wadda ake samu kyauta, tana karanta fayil na rubutu zalla mai ginshiƙi uku da aka raba da maɓallin Tab: kalmar asali, fassararta, sai sharhi. Layukan misalin nan za su kasance kamar haka:

```
fuel	man dizal	namiji; an hana "mai" shi kaɗai da "gas"
engine oil	baƙin mai	namiji; an hana "mai" shi kaɗai
oil filter	filtar baƙin mai	mace; an hana "matata", "rariya"
fuel filter	filtar man dizal	mace; hoto a shafi na 88
drain plug	notin juye	namiji; ba fulogi ba ne
```

Da zarar mai fassara ya isa jumlar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, manhajar za ta nuna masa layin a gefen allo. Wanda ba shi da manhaja, teburi a kwamfuta ko ma littafin rubutu mai layuka zai yi masa aikin, muddin kwafi ɗaya ne kowa ke dubawa.

Ba sunayen ƙarafa kaɗai ke shiga jadawali ba. Kalmomin gargaɗi suna da matakai, kuma masu ƙera inji ba da ka suke jera su ba. A tsarin da aka fi bi, DANGER, mai jan launi, yana nufin abin da in ba a kauce masa ba zai kashe ko ya yi mummunan rauni. WARNING, mai ruwan lemo, yana nufin abin da zai iya yin hakan. CAUTION, mai ruwan ɗorawa, na ƙaramin rauni ne ko matsakaici. NOTICE, wanda akan yi da shuɗi, ba ya maganar jikin mutum, maganar lalacewar kaya yake yi. Idan aka fassara duka huɗun da hattara, gargaɗin hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki, wanda ke kashe mutane suna barci, ya zama daidai da gargaɗin kada a ɗaure noti fiye da kima. Jadawali zai ba kowanne kalmarsa, misali haɗari, gargaɗi, hattara, lura, a bayyana matakansu a shafin farko, kuma a hana waɗannan kalmomi huɗu fitowa a matsayin kanun wani abu dabam. Kalmomin aiki da ke yawan dawowa su ma a tsayar da su: wace ce ke nufin a kalla da ido kawai, wace ce ke nufin a kwance a auna, wace ce ke nufin a cire tsoho a sa sabo. Haka bambancin dole da ya kamata da ana iya.

Akwai kuma abin da ba a fassarawa. Rubutun da ke fitowa a allon janareto, kamar LOW OIL PRESSURE, zai ci gaba da fitowa da Turanci komai kyan fassarar littafin. Mai karatu yana bukatar ya ga haruffan nan a shafi daidai yadda suke a allo, sannan bayaninsu ya biyo da Hausa: matsin baƙin mai ya yi ƙasa. Lambobin kayan gyara da rubutun jikin maɓallai duk suna cikin wannan rukuni, kuma suna da nasu sashe a jadawali don kada wani mai himma ya fassara su.

Kafin a rufe jadawali a fara aiki gadan-gadan, ana gwada shi. A fassara shafi goma daga babi mafi wuya, a ba wani mai gyaran janareto wanda bai ga Turancin ba, a ce ya bi umarnin a gaban inji. Duk inda ya tsaya yana jujjuya takarda, ko ya kai hannu ga abin da ba shi ake nufi ba, akwai layin da ke bukatar gyara. Canza suna a wannan lokaci aikin minti biyar ne. Canza shi bayan an fassara shafi 200 aikin kwanaki ne.

Riƙe jadawali har ƙarshen aiki ya fi tsara shi wuya, domin kalmomi sababbi za su yi ta ɓullowa, kuma wani hukuncin da aka yanke zai bayyana kuskure ne. Abin da ke hana rikicewa shi ne mutum ɗaya ya zama mai riƙon jadawali. Duk wanda ya ci karo da sabuwar kalma ba ya yanke mata suna shi kaɗai ya wuce. Zai sa mata alama a rubutunsa, ya aika wa mai riƙo, a yanke, a shigar, a sanar da sauran a ranar. Kowane canji a rubuta kwanan watansa da dalilinsa, domin bayan wata biyu wani zai tambayi me ya sa aka bar matata aka koma filta, in babu amsa a rubuce sai a sake buɗe gardamar da aka riga aka rufe.

In aka canza suna a tsakiyar aiki, sai an koma baya an gyara duk abin da aka riga aka fassara, kuma a nan kwamfuta kan yaudari mai gaggawa. Umarnin nemo da maye gurbi, wanda ake samu da Ctrl+H a Word, ba ya jin Hausa. Wanda ya ce a maye kowace mai da baƙin mai zai tarar mai kula da inji ya zama baƙin mai kula da inji, kuma in bai taƙaita neman ga cikakkiyar kalma ba, har maimaita da maida za su lalace. Ko canjin da ya yi daidai yana jan wasu kalmomi a bayansa. In aka bar salansa aka koma bututun hayaƙi, an tashi daga mace zuwa namiji, don haka kowace ta toshe sai ta koma ya toshe, salansar nan kuma, mai ɗauke da harafin r a wutsiya, neman ma na iya tsallake ta. Maye gurbi ɗaya bayan ɗaya ake yi, ana karanta jumlar kowane lokaci.

Binciken ƙarshe ta fuska biyu ake yin sa. Fuska ta farko, a ɗauki kowace kalmar asali da ke jadawali a nemo duk inda ta fito, a tabbatar fassarar da ke gabanta ita ce wadda aka tsayar. Fuska ta biyu, a ɗauki jerin sunayen da aka hana a neme su a cikin Hausar: gas, matata, rariya, janareta, kowanne ya kamata ya dawo babu ko ɗaya, ban da wurin da aka yi masa izini. Manhaja za ta iya yin na farko, amma takan yi ƙarar ƙarya da yawa, saboda jam'in Hausa yana canza cikin kalma, waya ta zama wayoyi, ƙarfe ya zama ƙarafa, manhajar ta ce sunan ya ɓace alhali yana nan. Haruffa masu ƙugiya su ma suna ɓoye kuskure. In ɗaya daga cikin masu fassara ya buga bakin mai da k marar ƙugiya, neman baƙin mai ba zai gano shi ba, ga shi kuma ma'ana ta koma bakin tanki ko wani abu makamancin haka. Saboda haka kowace kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ ana neman ta sau biyu, da ƙugiya da kuma babu.

Wuraren da aka fi mantawa su ne waɗanda ba sa cikin jikin rubutu: kalmomin da ke cikin hotuna, waɗanda sau da yawa wani ne dabam ke sa su a wurin tsara shafi, da kanun tebura, da ƙunshiya, da jumlolin da ke tura mai karatu wani babi ta hanyar kiran sunansa. Waɗannan ana bin su da ido a kan shafin da aka riga aka tsara don bugawa, hoto da jumla gefe da gefe. Daga nan sai a ciro sunayen kayan inji daga jadawalin a buga su a ƙarshen littafi cikin jeri biyu, ɗaya bisa haruffan Hausa, ɗaya bisa na Turanci, don mai karatu ya iya haɗa sunan da ya karanta da wanda ke jikin kwalin kayan gyara. Cikakken jadawalin kuma, da dalilansa da jerin sunayen da aka hana, a miƙa shi ga mai littafin tare da fassarar, domin in kamfanin ya fitar da sabon samfurin injin, da shi mai fassara na gaba zai fara.